Daga Giram Zuwa Mol: Yadda Ake Ƙirga Abin da Ido Ba Ya Gani

Duk manomin da ya taɓa sayen takin yuriya ya san buhunsa: kilo 50 na farin taki mai tsaba-tsaba, wanda ke narkewa da zarar ya ji danshi. In an ɗora shi a sikeli, nauyinsa zai fito nan take. Sai dai masanin sinadarai yana da wata tambaya da sikeli ba ya amsawa kai tsaye, wato guda nawa ne a ciki. Ba tsabar takin da muke gani a tafin hannu yake nufi ba. Yana nufin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ita tsabar, waɗanda ko da madubin ƙara girma na ɗakin gwajin makaranta ba a ganinsu.

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda ɗalibai ke kira atam. Idan atam biyu ko fiye suka ɗaure da juna suka zama dunƙule ɗaya, wannan dunƙulen shi ne molekul. Yuriya tarin molekul ne iri ɗaya, kuma kowane molekul nasa yana da atam takwas.

Me ya sa za a damu da adadinsu? Saboda sinadarai da lissafin guda-guda suke haɗuwa, ba ruwansu da kilo. A masana'antar taki, molekul biyu na amoniya ne ke haɗuwa da molekul ɗaya na iskar kabon dayokzaid, su ba da molekul ɗaya na yuriya da ɗaya na ruwa. Biyu da ɗaya ne, kullum. Amma injiniyan da ke wurin ba zai iya tsintar molekul ɗaya-ɗaya ba. Abin da ke hannunsa ma'auni ne. Dole ke nan a sami hanyar da za ta mayar da nauyi ya koma adadi, kuma wannan hanyar ita ce mol.

Mene ne mol?

Mol sunan wani adadi ne, kamar yadda dubu da miliyan suke sunayen adadi. In an ce mol ɗaya na wani abu, ana nufin guda 602,200,000,000,000,000,000,000 nasa, a taƙaice. Tun da rubuta wannan jerin sifili yana da gajiyarwa, ana rubuta shi haka: 6.022 × 10²³. Ƙaramar lambar 23 da ke sama tana nufin a matsar da ɗigon da ke bayan 6 zuwa dama har sau 23.

Ana kiran adadin da sunan Amedeo Avogadro, masanin ƙasar Italiya wanda a 1811 ya kawo ra'ayin cewa iskoki daban-daban, in suka cika wuri mai girma ɗaya cikin zafi ɗaya da matsi ɗaya, adadin molekul ɗinsu ɗaya ne. Shi kansa bai auna adadin ba. Wani Bafaranshe, Jean Perrin, wanda ya yi gwaje-gwajen auna shi, shi ne ya ba da shawarar a raɗa masa sunan Avogadro a 1909, fiye da shekara hamsin bayan rasuwar mai sunan.

Abin da ya fi ɗaure wa mai koyo kai shi ne dalilin zaɓen wannan lamba mai wuyar riƙewa. Me ya hana a ɗauki lamba mai tsafta, 1 da sifili 24? Amsar ita ce zuciyar darasin gaba ɗaya, saboda haka mu bi ta a hankali.

Atam ba nauyinsu ɗaya ba. Na haidirojin shi ne mafi sauƙi. Na kabon ya ninka shi kusan sau 12, na naitirojin sau 14, na oksijin sau 16. Waɗannan lambobin ne ake rubutawa tare da alamar kowane sinadari a jadawalin sinadarai da ke manne a bangon aji, kuma su gwaji ne kawai na wane ya fi wane nauyi. To sai masana suka ce: mu auna giram 12 daidai na kabon, irin wanda ake kira kabon-12, duk adadin atam da ke ciki mu kira shi mol ɗaya. Da aka auna, adadin ya fito 6.022 × 10²³. Amfanin wannan zaɓi shi ne, tun da atam na oksijin ya fi na kabon nauyi da gwargwadon 16 bisa 12, adadi iri ɗaya na oksijin zai auna giram 16. Na naitirojin zai auna giram 14, na haidirojin giram 1. Wato lambar da ke jadawali, in ka liƙa mata giram, ta zama nauyin mol ɗaya na wannan sinadarin. Ba dace aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka. Tun ranar 20 ga Mayu, 2019, hukumomin ma'auni na duniya sun tsayar da adadin a 6.02214076 × 10²³ cif, ba tare da jingina shi ga kabon ba, amma bambancin da hakan ya kawo ya yi ƙanƙantar da ba zai taɓa lissafin aji ko na masana'anta ba.

Nauyin mol ɗaya na abu, a giram, shi za mu riƙa kira nauyin mol. A takarda ana rubuta ma'auninsa g/mol, wato giram a kowane mol.

Nauyin mol na yuriya

Fomular yuriya ita ce CO(NH₂)₂. Kafin a taɓa kalkuleta, sai an iya karanta ta. C kabon ne, O oksijin, N naitirojin, H haidirojin. Harafin da ba shi da ƙaramar lamba a gefensa, guda ɗaya ne. Lambar da ke gefen harafi ta wannan harafin ce shi kaɗai, saboda haka NH₂ na nufin naitirojin ɗaya da haidirojin biyu. Lambar da ke bayan baka kuwa ta duk abin da ke cikin bakan ce. Ke nan NH₂ ɗin ya zo sau biyu: naitirojin biyu, haidirojin huɗu. Jimla: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2, haidirojin 4. Atam takwas ɗin da muka ambata ke nan.

Yanzu sai a ɗauko nauyin kowanne daga jadawali, a ninka da yawansa, a tara:

kabon: 1 × 12.01 = 12.01
oksijin: 1 × 16.00 = 16.00
naitirojin: 2 × 14.01 = 28.02
haidirojin: 4 × 1.008 = 4.03
jimla: 60.06

Nauyin mol na yuriya 60.06 g/mol ne. Ma'anarsa a fili ita ce, in ka auna giram 60.06 na tsantsar yuriya, abin da bai fi cikin tafin hannu ba, kana riƙe da molekul 6.022 × 10²³.

A ganina nan ne ya kamata malami ya fi daɗewa da ɗalibansa, domin yawancin amsoshin da ke fita ba daidai ba, tun daga karatun fomula suke karkacewa. Wanda ya manta da lambar bayan baka zai ƙirga naitirojin ɗaya da haidirojin biyu, ya sami 44.04. Daga nan ko da ya yi sauran matakan babu kuskure, amsarsa ta riga ta lalace, kuma babu abin da zai nuna masa. Maganin abin shi ne a rubuta kowane sinadari a layinsa, kamar yadda muka yi a sama, maimakon a tara su a ka.

Daga giram zuwa mol

A ce an auna giram 15.0 na yuriya a ɗakin gwaji. Mol nawa ne?

Kafin lissafi, a yi tunani. Mol ɗaya giram 60 ne da ɗan ɗigo. Abin da ke hannunmu giram 15 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na 60. Ke nan amsar za ta tsaya wajen rubu'in mol. Tambayar da muke yi a zahiri ita ce, sau nawa 60.06 zai shiga cikin 15.0, kuma wannan tambayar rabawa ce:

adadin mol = nauyi a giram ÷ nauyin mol
15.0 ÷ 60.06 = 0.250

A littattafan makaranta za a ga an rubuta dokar da haruffa, n = m/M, inda n yake adadin mol, ƙaramin m nauyin da aka auna, babban M kuma nauyin mol. Magana ɗaya ce.

Ɗalibin da ya haddace dokar bai fahimce ta ba, a ɗakin jarrabawa yakan rikice ko ninkawa ake yi ko rabawa. In ya ninka 15.0 da 60.06 zai sami mol 901. Wanda ya yi wancan ɗan tunanin na farko zai gane nan take cewa hakan ba zai yiwu ba: mol 901 na yuriya ya haura kilo 54, ya fi buhu guda, alhali abin da aka auna bai cika ƙaramin ludayi ba. Ƙa'idar dubawa mai sauƙi ce. In nauyin da ke hannunka bai kai nauyin mol ba, amsarka ba za ta kai 1 ba. In ya wuce, za ta wuce 1.

Daga mol zuwa ƙwayoyi

Mataki na biyu ninkawa ne. Kowane mol yana da molekul 6.022 × 10²³, mu kuma muna da rubu'in mol:

0.250 × 6.022 × 10²³ = 1.51 × 10²³

In aka bar lambobin cikin kalkuleta ba tare da an taƙaita su a tsakiya ba, amsar za ta fito 1.50 × 10²³, kuma ita ce ta fi daidai. Ɗan bambancin ya zo ne daga taƙaita 0.2498 zuwa 0.250. Shi ya sa ake son a jinkirta taƙaitawa sai a ƙarshe. Sannan tun da sikelin lambobi uku ya ba mu, 15.0, lambobi uku ne suka dace da amsar. Kwafe duk jerin da ya cika fuskar kalkuleta ba ya ƙara wa awon inganci.

Giram 15.0 na yuriya ke nan yana da molekul 1.50 × 10²³. Amma a kula da abin da aka tambaya. In tambayar atam ce, akwai sauran taki ɗaya. Kowane molekul yana ɗauke da naitirojin biyu, saboda haka atam na naitirojin sun kai 3.01 × 10²³. Haidirojin huɗu-huɗu ne, ke nan 6.02 × 10²³, wato rubu'in mol na yuriya yana ɗauke da cikakken mol na atam ɗin haidirojin. Wannan ne dalilin da ya sa cewa "mol ɗaya" kawai ba ta wadatar. Sai an faɗi mol ɗaya na mene ne. Oksijin ma haka yake: mol ɗaya na atam ɗinsa, O, giram 16 ne, amma iskar da muke shaƙa atam bibbiyu take tafiya, O₂, don haka mol ɗayanta giram 32 ne.

Don a ji girman waɗannan lambobi a jiki, ɗauki tsabar taki guda ɗaya tak, a ce nauyinta giram 0.01. Raba da 60.06, ka ninka da adadin Avogadro, za ka sami kusan 1.0 × 10²⁰. Da za a raba molekul ɗin wannan tsaba ɗaya ga mutanen duniya biliyan 8, kowa zai tashi da fiye da biliyan 12.

Buhun gaba ɗaya

Yanzu mu gwada hanyar a kan buhu mai kilo 50. Tarko na farko yana bakin ƙofa: nauyin mol a giram yake, don haka dole kilo ya koma giram tukuna. Kilo 50 giram 50,000 ne. Wanda ya raba 50 da 60.06 kai tsaye zai sami 0.83, amsar da ta gaza ta gaskiya sau dubu.

50,000 ÷ 60.06 = mol 832.5
832.5 × 6.022 × 10²³ = molekul 5.01 × 10²⁶

Akwai hanyar da manomi zai tabbatar da wannan lissafi da idonsa. Abin da shuka ke nema a yuriya naitirojin ne. Mol 832.5 na yuriya yana ɗauke da ninki biyu na hakan, mol 1,665 na atam ɗin naitirojin. Don mayar da mol zuwa giram, juya hanyar ake yi, a ninka: 1,665 × 14.01 ya ba da giram 23,300 da 'yan kai, wato kilo 23.3. In aka gwada shi da kilo 50, kashi 46.6 cikin ɗari ke nan. Duba jikin buhun yuriya, za ka ga an buga 46 a matsayin kason naitirojin. Lambar daga fomular ta fito. Ɗan giɓin da ke tsakanin 46.6 da 46 kuwa, takin kasuwa ba tsantsa ba ne ɗari bisa ɗari. Akwai ɗan danshi da 'yan wasu abubuwa da ke biyo shi daga masana'anta. Ina ganin duk malamin kimiyya a garin da ake noma ya kamata ya shigo da tsohon buhun taki cikin aji ranar da zai koyar da mol, yara su fitar da 46 da hannunsu kafin a nuna musu ita a rubuce.

Haɗin masana'antar da muka faro da shi ma yanzu ya buɗe. Mol ɗaya na amoniya, NH₃, giram 17 ne, biyu ke nan giram 34. Mol ɗaya na CO₂ giram 44 ne. Su ne ke ba da giram 60 na yuriya da giram 18 na ruwa. Abin da ya shiga 78, abin da ya fito 78. Biyu da ɗaya a ƙidaya ya zama 34 da 44 a sikeli, kuma da wannan ne injiniya zai san tan nawa na kowanne zai tura.

Nauyi ɗaya, adadi daban

Kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na wake nauyinsu ɗaya, amma kowa ya san ƙwayoyin geron sun fi yawa nesa ba kusa ba, domin kowace ƙwaya tasa ƙarama ce. Haka abin yake a sinadarai. Giram 15 na ruwa, H₂O, mai nauyin mol 18.02, mol 0.832 ne. Giram 15 na sukarin shayi, C₁₂H₂₂O₁₁, mai nauyin mol 342.3, mol 0.0438 ne kacal. Sikeli ya ce daidai suke, alhali molekul ɗin ruwan sun ninka na sukarin sau 19. Duk sa'ad da nauyin mol ya ƙaru, adadin da ke cikin giram ɗaya raguwa yake yi.

Gishirin miya, NaCl, yana da nasa hali. Nauyin mol ɗinsa 58.44 ne, kuma lissafinsa bai bambanta ba, sai dai shi ba molekul ne da shi ba. Sodiyam da kilorin ɗinsa atam ne masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ayon, a jere cikin tsari ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake ƙirgawa a nan shi ne tagwaye, sodiyam ɗaya da kilorin ɗaya. Giram 58.44 yana da irin waɗannan tagwaye 6.022 × 10²³, in kuma ayon ake tambaya, sai a ninka da biyu.

Kalkuleta da iyakar hanyar

Wani lokaci tambayar daga ƙarshe take farowa: an ba ka molekul 3.01 × 10²³ na yuriya, giram nawa ne? Sai a raba da adadin Avogadro a sami mol 0.500, a ninka da 60.06 a sami giram 30.0. Babu tsallake daga ƙwayoyi zuwa giram ko daga giram zuwa ƙwayoyi. Ko ta wane ɓangare aka taso, sai an bi ta kan mol.

A wannan rabawar ce kalkuleta ke kayar da mutane. In aka danna lambobin a jere yadda suke a takarda, na'urar za ta raba da 6.022 kaɗai, sannan ta ninka sakamakon da 10²³, amsar ta fito wajen 5 × 10⁴⁵. Mafita ita ce a yi amfani da maɓallin da aka rubuta wa EXP ko ×10ˣ, wanda ke ɗaure lambar wuri guda:

```
3.01 EXP 23 ÷ 6.022 EXP 23 =
```

Ko kuma a sa adadin Avogadro gaba ɗayansa cikin baka. Alamar gane kuskuren a bayyane take: adadin mol a tambayoyin aji ƙaramar lamba ce, adadin ƙwayoyi kuwa yakan zo da 10 mai ɗauke da ashirin da wani abu. In mol ya fito da doguwar lamba a saman 10, ko ƙwayoyi suka fito ƙasa da ɗaya, a koma baya. Masu shirin WAEC da NECO kuma su lura cewa takardar tambaya takan ba da nauyin atam a taƙaice, kamar C = 12 da N = 14, tare da 6.02 × 10²³. Waɗanda aka bayar su za a yi aiki da su, yuriya ya zama 60 cif.

Duk wannan hanya tana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: abin da aka auna ya kasance sinadari guda, mai fomula sananniya. Wasu sinadarai suna riƙe ruwa a cikin ƙanƙararsu, kuma ruwan yana cikin fomula. Shuɗin sinadarin nan na ɗakin gwaji, CuSO₄·5H₂O, nauyin mol ɗinsa 249.7 ne, amma in aka gasa shi ruwan ya fita ya koma fari, 159.6 ne. Wanda ya auna shuɗin ya yi lissafi da lambar farin, zai ɗauka mol ɗinsa sun fi na gaskiya da fiye da rabi. Taki da ya sha danshi a ɗakin ajiya ma haka ne, wani ɓangare na abin da sikeli ya nuna ruwa ne.

Gauraye kuwa ba shi da nauyin mol sam. Takin NPK haɗin sinadarai ne da yawa a buhu ɗaya, kanwa ma gishiri iri-iri ne haɗe da ƙasa, kuma ta wani wuri ba ɗaya take da ta wani wurin ba. A irin waɗannan, sai an fara gano kason kowane sinadari a cikin gaurayen, a fitar da giram ɗinsa shi kaɗai, sannan a raba da nauyin mol ɗinsa.